Farashin da kake gani a fuskar waya na mutum na farko ne kawai

"Assalamu alaikum. Ina so in sayi wani tokin na kirifto guda 10,000, farashinsa dala 2.00, kuɗina dala 20,000 a shirye. Abokina ya ce in na danna `Market` sai na biya fiye da haka. Ta yaya, bayan ga farashi a rubuce? Kuma ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, ka riƙe shi. Wannan 2.00 ɗin yawanci farashin cinikin ƙarshe ne, a ce ma shi ne na mai sayarwa mafi arha, shi kuma ba lallai kayansa su kai abin da kake nema ba, in nasa ya ƙare sai a wuce da kai wajen na bayansa wanda ya fi shi tsada, haka za a yi ta hawa da kai har odarka ta cika, ba mai tsayawa ya tambaye ka ko ka yarda.

Ka buɗe inda aka rubuta `Order Book`, wato littafin oda. Ɓangare biyu ne, masu saye su ne `Bid`, yawanci da kore, masu sayarwa kuma `Ask`, yawanci da ja. Kai mai saye jan ne naka. Mu ɗauka misali abin da ka tarar kenan:

```
Price   Amount
2.12    4,000
2.06    2,500
2.03    1,000
2.01    2,000
2.00    1,500
```

Daga ƙasa ake farawa. Guda 1,500 na farko ka same su a 2.00, dala 3,000 kenan. Sai 2,000 a 2.01, dala 4,020. Sai 1,000 a 2.03, dala 2,030. Zuwa nan ka kwashe layi uku amma 4,500 kawai ke hannunka, ko rabi baka kai ba. Ka haɗiye 2,500 na 2.06, dala 5,150, ya zama 7,000. Ragowar 3,000 ɗin dole sai a 2.12, dala 6,360. In ka tara duka dala 20,560 ne, ka raba da 10,000 sai ka ga kowane guda ya tsaya maka a 2.056. Wannan rarar ta dala 560 ita ce zamewar farashi, wadda za ka ga ana rubutawa `slippage`, a nan kashi 2.8 cikin ɗari ce. In kuma kuɗin ka rubuta, wato ka ce a saya maka na dala 20,000 cif, to wajen guda 9,735 za su shigo maka, sauran sun bi iska.

Abin da ke bani mamaki, mutum zai yi kwana biyu yana kwatanta kuɗin caji tsakanin manhajoji amma ba zai kalli littafin oda na minti ɗaya ba. A ce cajin kashi 0.1 ne cikin ɗari, a wannan cinikin wajen dala 20 da ɗoriya kenan. Zamewar ta ninka shi kusan sau 27, kuma ba za ka gan ta a rasit da sunanta ba.

To ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau. Da guda 5,000 kawai ka saya, za ka cinye layi ukun farko a dala 9,050, ka ɗan taɓa 500 daga layin 2.06 a dala 1,030, jimilla 10,080. Zamewa dala 80 kacal. Ka ninka odar sau biyu, zamewar ta tashi daga 80 zuwa 560, ninki bakwai. Rabin ƙarshe na odar shi ke cin kuɗin, dan can sama layukan sun fi nisa da juna. Shi ya sa wanda ya saba sayen na dala ɗari zai rantse maka ba wani abu wai shi zamewa, bai taɓa wuce layin farko ba ne.

Akwai kuma wata yaudara bayan ka gama. Tunda cinikinka na ƙarshe a 2.12 ya faɗa, shi ne zai fito a matsayin sabon farashi, sai ka ga lissafin kayanka ya nuna 21,200 ka fara murmushi wai har ka ci riba. Kai ka tura farashin da hannunka. Leƙa ɓangaren kore, mai sayen da ya fi kowa taya da tsada wataƙila yana nan a 1.99 bai motsa ba, ko da zai iya kwashe duka dala 19,900 zai baka, kuma ba zai iya ba, gangarowa za ka yi layi layi kamar yadda ka hau. Dan haka kafin ka shiga ka auna ƙofar fita ma.

Abin yi shi ne `Limit`. Ka sa farashin da ba za ka wuce ba, a ce 2.03. Nan take 4,500 za su shigo, ragowar 5,500 su zauna a littafin suna jiran mai sayarwa ya sauko. Amma shi ma ba kyauta bane, farashi na iya gudu ya bar ka da rabin kaya, sannan babbar oda da ta zauna kowa na ganinta, masu sayarwa sai su ƙi saukowa tunda sun san akwai mai buƙata. Ni da ni ne zan yanka ta gida biyar, dubu bibbiyu, in sa ɗaya, in jira in ga ko layukan 2.00 da 2.01 sun sake cika, sannan in sa ta gaba. In suna cika cikin 'yan mintoci kasuwar na da rai. In kuma ka kwashe layi ya zauna wayam ba wanda ya dawo, to kasuwar ta yi wa kuɗinka kaɗan, ko ka rage yawan, ko ka raba a wasu kasuwannin, ko ka nemi sashen `OTC`, inda ake manyan ciniki kai tsaye ba ta littafin oda ba, in manhajar na da shi kuma kuɗinka sun kai ƙa'idarsu, a baka farashi ɗaya na duka kafin ka amince.

Kar yawan cinikin awa 24 ya ruɗe ka, wannan abin da ya riga ya wuce ne, kuma ana iya kumbura shi da cinikin bogi. Zurfi shi ne abin da ke ajiye yanzu kusa da farashi. Shafuka irin su CoinGecko suna nuna `+2% Depth`, wato kuɗin da zai tura farashi sama da kashi 2. A misalinmu kashi 2 shi ne 2.04, abin da ke ƙasa da shi dala 9,050 ne kawai, kai kuma da 20,000 ka zo, tun daga nan ka san amsa.

Shi kansa littafin ba rantsuwa ya yi maka ba. Mai oda na iya janye ta a cikin daƙiƙa, wasu ma dan ruɗi suke jera manyan oda, da an matso sai su ɓace. Ka zuba masa ido na ɗan lokaci, in wancan 4,000 na 2.12 yana ɓacewa yana dawowa kar ka sa shi a lissafi. Da ya janye daidai lokacin da ka danna `Market`, ragowar 3,000 ɗinka sai layin da ke samansa, ko nawa ne, kuma a can ba lallai wani abu ya taka maka birki ba. Da `Limit` a 2.03 ko duk saman ya watse ba za a caje ka fiye da 2.03 ba.