Yadda za ka san ainihin man da mota ke sha

"Oga, Sharon ɗin nan gani nake shan manta ya ƙaru, allura na saurin sauka. Ya zan tabbatar?"

Yaro, manta da allurar nan. Geji yakan lafe a sama na tsawon tafiya sannan ya zubo lokaci guda, in mota na kan gangara ma wani abu daban zai nuna maka. Lambar kilomita da ke jikin mita, odomita, ita za ka riƙe.

Ka shiga gidan mai ka ce a cika tanki har famfo ya katse da kansa, kar ka bari a yi ta girgiza motar ana ɗura ƙari. Rubuta lambar nan take, misali 284,610. Litar wannan shan na farko ba ta cikin lissafi, nan ne yara da yawa ke rikicewa. Sai ka yi lodinka Kano zuwa Kaduna ka dawo, ka sake cikawa a famfon nan dai har ya katse, yanzu mita na nuna 285,090. Cire ta farko daga ta biyu, kilomita 480 ka yi har da zagayen tasha. In ya ci lita 40, kuma dama ka ƙara 20 a Zariya, to 60 ke nan, ko galan ɗaya ka saya gun 'yan bumburutu sai ya shiga littafi. Raba 480 gida 60, lita ɗaya na kai ka kilomita 8. Juya shi, 60 a raba da 480, kowane kilomita na cin lita 0.125, in lita ta kai naira dubu to 125 kake ƙonawa duk kilomita. Lita fa za ka dinga rubutawa, "na sha na dubu talatin" ba lissafi ba ne tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Amma duba mitar da kyau, motocin da aka shigo da su daga Amurka ko Ingila yawanci mil suke ƙirgawa. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, in ka ga mita ta ƙaru da 140 da 'yan kai to mil ne, sai ka ninka da 1.6. In ba haka ba tafiyar nan za ka ga 300, lissafi ya ba ka 5 a lita, ka je kana ta canza fulogi a banza. Taya ma in ta fi girman ta kamfani mita na rage ƙirga.

Kuma zuwa ɗaya ba ya isa, gosulo, esi, lodi ya yi yawa, ko famfon da litarsa ba ta cika ba duk suna ɓata lissafi. Yi cikawa uku ko huɗu a hanya ɗaya. In daga 8 ta koma 6 ta tsaya nan, fara da iskar taya da iya kilina, ka leƙa ƙarƙashi ko tiyo na ɗiga, ka taɓa wili ko birki na kamawa, kafin ka kawo min ita mu duba injekta.