Sirdin keke da raunin gaba: wanne zan saya?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Zariya, shekarata 38. Ina tuƙa keke minti 40 zuwa shago, in wuni zaune. In na sauka sai gabana ya mutu na ɗan lokaci, kwanan nan kuma ƙarfina wajen iyali ya ragu. In sayi sirdi mai soso ne, ko in sayar da keken?

Amsa: Maigida, kada ka sayar, kuma kada ka sayi mai soson tukuna. Tsakanin 'ya'yan maraina da dubura akwai jijiyar da ke kai ji zuwa gaba da wadda ke kai masa jini. Allah bai yi wurin don ɗaukar nauyi ba, wannan aikin ƙasusuwa biyun nan ne da kake ji a ɗuwawu in ka zauna a kan benci. Siririn sirdi mai dogon hanci, irin na kekunan tsere na gwanjo, shigewa yake tsakanin ƙasusuwan ya danne jijiyoyin. Soso mai laushi kuwa yaudara ce: ƙasusuwan su nutse, tsakiyar ta kumburo daidai inda ake gudu.

Ka nemi kwali mai kauri, ka ɗora a dakali, ka zauna kansa na minti ɗaya. Za ka ga lotsawa biyu. Ɗauko tef ɗinka na awo ka auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. A ce ka sami santimita 12, to ka ƙara 2 ko 3, ka nemi sirdin da faɗin bayansa ya kai 14 zuwa 15, mai ɗan tauri, mai gajeren hanci, da rami ko tsaga a tsakiya. Ka je kasuwa da tef ɗin, kada ka tsaya jin daɗin bakin mai kaya.

Sannan mai gyara ya daidaita shi, hancin kada ya ɗaga sama. In ɗuwawunka na karkata hagu da dama wajen taka feda, sirdin ya yi tsawo, a sauke. Kan keken ma a ɗaga shi, domin sunkuyo ke tura nauyi gaba. Duk minti 10 ka miƙe a kan feda kaɗan.

Ɗaya keken naka, na ɗinki, laifinsa daban ne. Kujera mai faɗi ba ta cika danne wurin ba, sai in a bakinta kake ɗosana. Ɓarnar wuni zaune ta teɓa da suga take biyowa.

Mutuwar da sirdi ke jawowa takan warware cikin mintoci. In ta kwana, ko ka huta da keken sati biyu zuwa uku ba canji, ko miƙewar asuba ta ɗauke, ka ga likita a auna maka suga da hawan jini, don sun fi sirdi kawo wannan matsala. Maganin maza na bakin tasha kuwa, bar musu kayansu.