Komawa jami'a bayan shekara shida: abin da kwamiti yake dubawa

Tambaya: Malam, na bar karatun lisansi a Jami'ar Andire Salifu ta Damagaram a 2019, ina shekara ta biyu, saboda aure da haihuwa. Na ci shekarar farko gaba ɗaya, na yi jarrabawar zango na uku, amma ban zauna ta zango na huɗu ba. Me zan shirya don in koma, kuma me kwamiti zai duba? Daga wata mai karatu a unguwar Birni.

Amsa: Malama, kafin ki rubuta wa kowa wasiƙa, ki fara zuwa ofishin rajistar ɗalibai na tsangayarki, wato sikolarite, da tsohon katinki na ɗaliba ko lambar da ke jikinsa, ki nemi takardar makinki ta kowane zango. Da yawa daga cikin masu neman komawa suna ɓata ƙarfinsu wajen tsara labarin abin da ya same su, alhali abin da malamai suke fara buɗewa a teburin taro shi ne wannan takarda.

A tsarin da jami'o'in Nijar suke bi, lisansi zango shida ne, kowane zango kiredi 30, wato ma'aunin nauyin darussan da ɗalibi ya ci, jimla 180, kuma rukunin darasin da ɗalibi ya samu 10 bisa 20 a cikinsa ya zama nasa. Kina da 60 na shekarar farko. Mu ƙaddara a zango na uku kin ci rukunan da suka kai kiredi 18, kin faɗi waɗanda suka kai kiredi 12. Ke nan kina riƙe da 78, saura 102, kuma inda ya dace a mayar da ke shi ne shekara ta biyu, ki biya bashin 12 ɗin nan, ki yi zango na huɗu daga farko. Sai dai shekara shida ta isa a sauya tsarin darussa. Idan an haɗe darussa biyu, ko an cire wani an kawo sabo, kwamiti zai jera tsohuwar takardarki da sabon tsarin ya ga wanne ya yi daidai da wanne, kuma a nan ne 78 kan iya raguwa. Saboda haka ki karɓi tsarin bana daga shugaban sashe, ki yi wannan lissafi da kanki a gida, don kada a ba ki labarin da ba ki shirya masa ba. In kina da tsofaffin littattafan da kika rubuta darasi, kada ki zubar, domin su ne shaidar abin da aka koyar da ku idan sunan darasi kawai aka canza.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne yadda kika fita. Wanda ya rubuta takardar dakatar da karatu daban yake da wanda ya yi rajista sannan ya ɓace, domin shi na biyun ana iya lissafa masa shekarar a matsayin wadda ya faɗi, kuma yawan maimaita aji yana da iyaka a dokar tsangaya. Idan lissafin ya nuna kin kai iyakar, abin da za ki nema izini ne na musamman, wanda ake kira derogasiyo, kuma dole wasiƙarki ta faɗi haka ƙarara.

Wasiƙar kanta, wadda za ki rubuta wa shugaban tsangaya, kada ta wuce shafi ɗaya: shekarar da kika shiga, inda kika tsaya, dalilin tsayawa a jimla biyu, sannan abin da ya canza yanzu. A ganina wannan na ƙarshen ya fi nauyi, domin tausayi ba ya hana malami tambayar ko za ki sake ɓacewa a tsakiyar zango. "Yaran sun shiga makaranta, kuma akwai mai kula da su da rana" ya fi shafi uku na ban haƙuri. Ki haɗa da takardar aure da takardun haihuwar yaran, tunda kwanakin da ke jikinsu su ne za su gaskata maganarki, sai kwafin shaidar bak da takardar haihuwarki waɗanda hukuma ta buga wa hatimi. Ki duba rubutun sunanki harafi bayan harafi, don bambanci tsakanin Hadiza da Hadizatu ya isa ya tsayar da dosiye.

Ki kai takardun tun kafin a buɗe rajistar shekara, ki karɓi shaidar ajiya mai kwanan wata, ki adana kwafin komai. Batun tallafin karatu kuwa yana hannun hukumar ANAB, kuma amincewar tsangaya ba ta dawo da shi, don haka ki tanadi kuɗin rajista daga aljihunki.