Mai Kauri, Gangariya ko Nagari: wane suna ya dace da man gyaɗa?

"Malam barka da war haka. Na fara tatar man gyaɗa ina zubawa a roba, ina so in buga masa lebul. Sunaye uku nake juyawa a raina, Mai Kauri, Gangariya da Nagari. Wanne ne zai sa a hango nawa a kan kanta cikin tarin wasu? Kuma in da karin magana da zan ɗora a ƙasa a taimaka min."

Barka kadai Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Mai Kauri dai ki ajiye shi tun yanzu kafin ki kai wa mai buga lebul. Hausa tana da k biyu, akwai k na kai akwai ƙ mai lanƙwasa na ƙafa, to amma yanzu mutane sun saba a waya ba sa sa lanƙwasar, idonsu ya riga ya koyi cike ta da kansa duk inda ya ga ta dace. Mutum ya ga Kauri a jikin robar mai, abin da ake ɗorawa a wuta, wallahi ƙauri zai fara zuwa masa, wato warin abin da ya ƙone, kin ga da kuɗinki kin buga wa kayanki zagi. Ga kuma ita kalmar mai ɗin kanta, a rubuce ɗaya ce amma a baki biyu ce. Mai na suya muryarsa daga sama take faɗowa, shi kuwa mai na mallaka kamar mai gida a ƙasa yake, rubutunmu kuma ba ya nuna karin sauti, don haka mai karatu bai san ko mai ne sunansa Kauri ko wani abu ne da yake da kauri ba.

Gangariya kalma ce mai kyau, ni kaina ina sonta. Abin da ba a gauraya da komai ba, zalla, tsantsa, na ainihi. Ma'anar ta zauna wa man gyaɗa daram tunda babban tsoron mai saye shi ne a haɗa masa da wani man. Inda take da matsala a baki ne. Gaɓa huɗu ce, gan-ga-ri-ya, kuma ki tuna ba a kiran sunan kaya shi kaɗai, sai an liƙa shi da abin, a ce man kaza, wannan -n ɗin da ya mai da mai ya koma man ita ce mahaɗi irin ta man gyaɗa da man shanu. To ki gwada da bakinki, a ba ni man Gangariya. Ya yi tsawo, kuma baki ba ya son wahala, duk sunan da ya yi masa tsawo sai ya datse shi, in ko aka datse wannan ganga ce za ta rage. Man ganga kuwa a kunnen mai ji shi ne wanda ake ɗiba daga ganga ana aunawa ba lebul ba suna, daidai abin da kike son ki bambanta da shi.

Saura Nagari, wanda na san shi ne ya fi kwanta miki, don karin magana sun yi masa gata, nagari na kowa, nagari shi ke sai da kansa, sayen nagari mai da kuɗi gida. Ta fuskar nahawu ma bai yi laifi ba, mai namiji ne a Hausa shi ya sa nagari ya dace da shi, da gyaɗar kanta kike sayarwa sai a ce tagari. Sai dai ki kula a haɗe ake rubuta shi, in mai zane ya raba ya sa Na Gari to ya ba da ƙofar a karanta shi na cikin gari, ko ma na garin da ake niƙawa. Amma babban aibinsa yana cikin karin maganar da kanta, na kowa ne. Duk mai sayar da mai cewa yake nasa nagari ne, don haka in aka aiki yaro aka ce ya sayo man nagari, mai kanti zai miƙa masa duk wanda ke kusa da hannunsa kuma bai yi ƙarya ba. Haka abin yake da su Inganci, Tatacce, Zalla, Garau, duk yabo ne da sifa. Masu rajistar alamar kasuwanci ma galibi ba sa mallaka wa mutum ɗaya kalmar da kawai take bayyana irin kayan ko kyawunsa, saboda sauran 'yan kasuwa su ma suna da haƙƙin amfani da ita, gobe wani ya buga Nagari a tasa robar ba ki da bakin magana.

Ki duba sunayen da suka kama bakin mutane har suka cinye sunan abin, omo da makilin, duk garin wanki ya zama omo duk man goge baki ya zama makilin. Babu ɗayansu da yake nufin mai kyau a Hausa, gajeru ne kuma ba sa kama da komai sai kansu. Sannan mai saye da yawa ba karantawa yake ba, hoto yake gani, ya ce a ba shi mai tauraro ko mai zakara, wani lokacin sunan da kika sha wahala a kai ya ɓace hoton ya zama shi ne sunan. Shi ya sa na fi son a zaɓi sunan abin da za a iya zanawa, suna da hoto su zama abu guda.

Bari in ba ki misali ɗaya mu gwada shi tare, Hantsi. Hantsi shi ne lokacin da rana ta ɗago bayan fitowarta, kafin ta take tsaka, haskenta ya baje ko'ina bai riga ya yi zafin rana tsaka ba, kuma launinsa ya yi kusa da na mai mai kyau in aka ɗaga roba a haske. Gaɓa biyu, babu harafi mai lanƙwasa da maɗaba'a za ta ɓata miki, wanda ba Bahaushe ba in ts ta gagare shi ya ce hansi bai faɗa wata mummunar kalma ba. A ba ni man Hantsi, kin ji yadda ya fita sumul. Ga karin maganar da kika nema ta zo da kanta ba sai an jawo ta ba, hantsi leƙa gidan kowa, ana faɗa wa abin da ba gidan da ba ya shiga. A kan mutum wani lokacin da ɗan zolaya ake faɗa, amma a kan kayan sayarwa fata ne mai kyau. Inda za ki yi hattara shi ne zanen, hoton rana zalla zai iya sa a ɗauka man wani iri ne daban, to a sa ƙwayar gyaɗa a gaba, ranar tana leƙowa ta bayanta, a rubuta man gyaɗa ɓaro-ɓaro. Gangariya kuma ba sai kin yar da ita ba, ta sauko ƙasa da ƙananan haruffa a matsayin sifa, can ne wurinta.

Ko Hantsin kika ɗauka ko wani, ki faɗa wa mutum biyar sunan sau ɗaya ba tare da kin nuna musu a rubuce ba, washegari ki tambaye su, ki ji wa ya tuna kuma yaya suka lanƙwasa shi. Sannan ki sa a bincika miki a ofishin rajista ko wani ya riga ki, kafin ki biya kuɗin buga lebul.