Yara 42, minti 25: yaya zan rubuta wasan da kowa zai samu abin yi?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar aji biyar ce a wata firamare, kuma ni aka ɗora wa wasan kwaikwayon ranar rabon kyaututtuka. Yarana 42, an ba ni minti 25, saura mako shida. Bara yara biyar ne suka yi magana, sauran suka tsaya a baya a matsayin mutanen gari, iyaye kuwa suka yi ta ƙorafi. Na gwada raba wa kowa layi ɗaya ɗaya, sai abin ya koma kamar kiran suna. Makirfo ɗaya ne da mu, babu labule, kuma akwai yara kusan shida da ba sa iya buɗe baki a gaban mutane. Ki taimaka mini da yadda zan tsara shi.

Malamar aji biyar, Funtuwa

Wa alaikumus salam Malama. Gyaran daga zaɓen labari yake farawa. Labarin da ya rataya a kan sarki da 'yarsa da saurayinta mutum biyar yake ɗauka, duk wanda kika ƙara ɗan kallo ne da aka sa wa kaya. Ki nemi labari mai zango zango, wanda jarumin yake bin gida gida, kowane gida da mutanensa da rigimarsa. Tatsuniyoyinmu cike suke da irin wannan. Ki ɗauki ta Gizo da ya ci bashi wurin Kaza, Muzuru, Kare, Kura, Damisa da Zaki, sannan ya sa musu rana ɗaya su zo karɓa, ya san kowane yana tsoron na bayansa.

A tatsuniyar kowace dabba ita kaɗai ce. Ke sai ki mayar da kowace ta zama gida mai mutum biyar, kin zaunar da yara 30 ke nan. Gizo ki raba shi uku, Ƙoƙi ma uku: na farko ya yi gidaje ukun farko, na biyu ya yi ukun ƙarshe, na uku ya yi ranar biyan bashi. Su riƙa miƙa wa juna hula ɗaya mai launi mai ƙarfi a gaban jama'a, Ƙoƙi kuma ɗankwali ɗaya. Da zarar an ga hular ta koma wani kai, kuma sabon ya buɗe baki da tsamin bakin nan na Gizo, babu wanda zai rikice. Sun zama 36. Sauran shidan su ne kaka mai ba da labari da jikokinta biyu, makaɗa biyu, da sanƙira mai yi wa kowane gida kirari idan za a shiga wurinsu.

Lokacin kuma ga yadda zai tafi. Kowane gida minti biyu, sha biyu ke nan. Ranar biyan bashi minti shida. "Ga ta nan ga ta nanku" da waƙar buɗewa minti ɗaya da rabi, rufewa haka nan, shige da fice minti biyu. Ya kama 23. Sauran biyun kada ki cika su da komai, dariyar iyaye da yaron da ya manta layinsa za su cinye su. In kin rubuta fitowa ɗaya, ki karanta ta da ƙarfi kina duba agogo, ki ƙara rabin abin da kika samu, domin yara a gaban taro sun fi ki jan magana. Fitowar da kika karanta a daƙiƙa 80 ita ce ta minti biyu.

Abin da ya sa rabon layi ɗaya ɗaya ya zama kiran suna shi ne layukan ba sa canza komai. Yaro ya ce "Lallai Gizo mayaudari ne", na gefensa ya ce "Gaskiya ne", labarin yana nan inda yake. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne wannan: ki sa yatsa ki rufe sunan yaro a takardar, ki karanta fitowar ba tare da shi ba. In ta tafi lafiya lau, ba ki ba shi komai ba tukuna. Dole a samu abin da ba zai faru ba sai da shi, ko ya tona asiri, ko ya hana, ko ya yanke hukunci, ko ya yi kuskuren da wani zai ci riba da shi.

Mu ɗauki gidan Kaza. Gizo ya zo neman tiya uku ta gero. Mutum biyar, aiki biyar. Zakara shi ne mai ƙi. Uwar Kaza ita ce mai yanke magana. Ɗan tsako shi ne mai tona asiri. Ta huɗu mai awo ce. Ta biyar ita ke ajiye lissafi.

Zakara: Gero? Mu da rabonmu da ganin gero tun kaka!

Ɗan tsako: Baba, wanda ke ƙarƙashin gadon Inna fa?

Uwar Kaza: Rufe mini baki! To Gizo, tiya uku, ka biya ranar Laraba da hantsi.

Ɗan tsako kalma bakwai ya faɗa, amma ba don shi ba da Gizo ya koma hannu rabbana, kuma a nan za a yi dariyar farko. Uwarsa da ke cikin 'yan kallo ba za ta tsaya ƙidaya kalmominsa ba. Mai awo kuwa ko uffan ba za ta ce ba. Ta cika tiya, ta waiga ta ga Gizo ya juya baya, ta kwashe tozon ta mayar cikin kwando, ta kalli jama'a. Sau uku za ta yi haka, a na ukun Ƙoƙi ta kama ta. Irin wannan wurin ne na yaranki masu kunya, kuma ki ba kowane gida ɗaya. Sharaɗinsa shi ne lokacin da take aikinta kowa ya yi shiru ya tsaya cik yana kallonta, kuma ki rubuta haka a takardar, "kowa ya dubi mai awo", in ba haka ba masu surutu za su rufe ta. Idon 'yan kallo inda 'yan wasa ke kallo yake bi. Mai lissafi kuma ta ƙulla ƙulli uku a igiya ta rataya a wuya. Ranar biya, da Gizo ya ce tiya ɗaya ce, ita za ta ɗaga igiyar. Duk inda kika iya dasa abu a gida ya sake fitowa a ƙarshe, kin ba yaro fitowa biyu da aiki ɗaya.

Inda irin wannan wasan yake mutuwa shi ne gida na uku. In kowane gida sallama ce, roƙo, ƙi, sannan yarda, kafin a kai Kura an fara hira a bayan rumfa. Saboda haka ki canza abin da ake ara da dabarar da Gizo ya yi. Wurin Muzuru ya yi kukan ƙarya wai Ƙoƙi ba ta da lafiya, sai ga ta ta shigo tana tauna rake. Wurin Kare ya tarar ana faɗa a kan ƙashi, ya yi musu alƙalanci ya tafi da ƙashin. Wurin Kura kwaɗayinta ya yi amfani da shi, ya yi mata alkawarin akuya. Gidan Damisa a yi shi duka da waƙa da amshi. Fadar Zaki kuma Gizo ba ya magana da sarki kai tsaye, sai ta bakin fadawa huɗu, kowane yana ƙara wa maganar gishiri kafin ta isa, har bashin ƙwarya ɗaya ya zama alkawarin raƙumi.

Wani abu da za ki shirya masa tun yanzu: babu uban da yake so a ce ɗansa ne kare, kuma sunan zai iya bin yaro har ya gama makaranta. Ki ba su sarauta, Galadiman Karnuka, Magajiyar Kuraye, a kira su da ita a wasan da kuma takardar shirin biki. Ki ajiye wa waɗannan gidaje biyu layukan da suka fi ban dariya, kuma ki karanta wa ajin wasan kafin ki raba, za ki ga masu ƙiriniya suna rububinsu da kansu.

A tatsuniyar, ranar biya cinye juna ake yi. Ke ki mayar da shi kora. Gidan Kaza suna tsaye suna neman geronsu, kiɗan Muzuru ya tashi, sanƙira ya yi kirari, Gizo ya nuna musu bayan rumbu su ɓuya. Minti ɗaya kowane gida, kuma kada a taɓa samun fiye da gida biyu a tsaye lokaci guda. Makaɗan nan biyu su ne ke riƙe da wannan fitowar, don haka kowane gida ya samu kiɗansa daban tun fitowarsa ta farko, yadda da an ji shi jama'a za su riga Kaza sanin wanda ke tafe. Ko jarka da gwangwani sun isa.

Rashin labule alheri ne. Ki shimfiɗa tabarmi shida, uku dama uku hagu, kowane gida ya zauna a tasa a idon jama'a daga farko har ƙarshe, su ne masu amshin waƙa. Da haka kin huta da hayaniyar bayan fage, kuma tashi daga tabarma zuwa tsakiya bai wuce taku biyar ba. Makirfon ki bar wa kaka. In aka ce a riƙa miƙa shi hannu hannu, kowace miƙawa tana cin daƙiƙa uku ko huɗu, kuma barkwancin ɗan tsako zai huce kafin ya iso gare shi. Sauran su yi da muryarsu, layi kada ya wuce abin da yaro zai faɗa da numfashi ɗaya, ke kuma ki riƙa tsayawa can ƙarshen fili lokacin gwaji. Abin da ba ki ji ba a sake. Kaka ta ajiye takardar wasan a cikin faifai a cinyarta. Yaro in ya kakare, sai ta ce "Sai Zakara ya ce, gero?", ya ɗauka daga nan, babu wanda zai gane.

Kafin ki raba takardu, ki ja layi a littafi: sunaye 42 a tsaye, a gaban kowane ki rubuta abin da ya canza a labarin, da kalma uku ko huɗu. Gurbin da kika rasa abin rubutawa, can za ki koma ki gyara. Makon farko na rubutu ne da karantawa. Mako uku na gaba gida gida za ki yi, minti 15 kowane, tare da Gizonsu, kada ki tara 42 suna jiran biyar su gama. Mako na biyar a haɗa da kiɗa da ranar biya, na shida a yi shi daga farko zuwa ƙarshe sau uku da agogo, a filin da za a yi bikin. Kowane ɗan gida ya haddace layukan gidansu duka, Gizo ukun ma su san na juna, domin cikin yara 42 da wuya ranar ta zo ba a samu mai zazzaɓi ba.

Anti