Kafin ka miƙa sitatimen, bi shi layi-layi

“Yaya, ina haɗa takardun bizar karatu a Birtaniya, kuɗina kuma a asusun waya suke. Na sauke sitatimen, amma da na lissafa sai na ga balans ɗin bai fita daidai ba. Ta ina zan gano matsalar?”

Ƙanena, rabu da jimillar da ke ƙasa tukuna. Kowane layi a kan na samansa yake tsaye: ka ɗauki balans ɗin baya, ka ƙara abin da ya shigo, ka cire abin da ya fita har da caji. Abin da ya rage dole ya zama shi ne a rubuce, har kwabo.

A ce ka fara da naira 850,000. Ka tura wa banki 60,000, aka ci cajin 50 da harajin kashi 7.5 a kansa, wato 53.75. Saura 789,946.25. Sai harajin nan na naira 50 da ake cirewa idan kuɗin ya kai dubu goma, saura 789,896.25. Baba ya turo 120,000, ya kamata ka ga 909,896.25.

To idan ba haka ka gani ba, giɓin da kansa zai gaya maka inda aka kwana. Bambancin 50 cif, harajin ne ka tsallake, domin sau da yawa layinsa daban yake fitowa, wani lokaci ma sai washegari. Idan 53.75 ne, caji ne da aka cusa cikin kuɗin turawar. Idan giɓin ya ninka wani adadi sau biyu, to kuskure ka yi, ka sa shiga a gurbin fita. Turawar da ta maƙale kuwa layi biyu gare ta, na cirewa da na mayarwa, kuma kwanaki na iya shiga tsakaninsu; nemo su biyun da lambar cinikin.

Idan layukan da yawa, zuba su a Excel: fita a C, shiga a D, balans a E, tsohon kwanan wata a sama. Rubuta wannan a F3 ka ja ƙasa:

```
=ROUND(E2+D3-C3-E3,2)
```

Duk inda ba sifili ba, nan sarƙar ta tsinke. Duba kuma balans ɗin ƙarshen wata, shi ne ya buɗe wata na gaba?

Giɓin da ya ƙi bayani, kai shi wurin kamfanin su fitar maka da sabuwar takarda. Don Allah kada ka bari wani mai shagon kwamfuta ya “gyara” maka lamba ko ɗaya. Ana iya tuntuɓar kamfanin da ke riƙe da asusun a tantance, kuma takardar jabu na iya jawo haramcin shiga Birtaniya na shekara goma. Sannan kuɗin da ake nema sai sun kwana 28 a jere ba su sauka ƙasa da adadin ba, ko da cajin naira 50 ne ya saukar da su.