Takardar miƙa bashi ga mai karɓa: yadda za a gyara ta

Tambaya: Ina sayar da kayan gini a Tawa. Wani ya ɗauki siminti da kwano na sefa 450,000, ya biya 150,000, sauran shiru. Na rubuta masa: "In ba ka biya cikin kwana 3 ba, zan haɗa ka da mai karɓar bashi, a kwashe kayanka, jandarma su kama ka." Yaya zan gyara ta kada ta jawo mini matsala?

Amsa: Alhaji, fara cire maganar kwashe kaya da ta kamu, domin babu wadda ke hannunka. A dokar OHADA, dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke aiki da ita, ba a sayar da kayan mutum saboda bashi sai da hukuncin kotu ko takarda mai ƙarfinsa. Wisiye, wato jami'in da ke kai takardun kotu, shi ne ke zartarwa, shi ma sai ya ba mutum umarnin biya aƙalla kwana 8 kafin ya taɓa kaya. Mai karɓar bashi wakilinka ne kawai, iyakarsa ya nema, ya tunatar, ya karɓa. Bashin ciniki kuwa ba laifin da ake kama mutum ba ne. Barazanar da ka sa wa hannu, gobe ita za a ɗaga a gaban alƙali.

Ga yadda za ta tsaya:

"Assalamu alaikum. Bisa lissafinmu, a ranar [kaza] kun ɗauki siminti da kwano na sefa 450,000, kun biya 150,000, saura 300,000. Muna sanar da ku cewa daga ranar [kaza] za mu wakilta [suna, adireshi, lambar waya] ya karɓi wannan kuɗi a madadinmu. Kafin ranar kuna iya biya a shago, ko ku zo mu tsara biya kashi-kashi. In kuna ganin kuskure a lissafin, ku kawo takardunku mu duba. Idan ba a daidaita ba, muna da damar kai maganar kotu."

Jimlar ƙarshe ta halatta saboda gaskiya ce, kuma ba ta yanke abin da alƙali zai ce ba. Wa'adin kuma ka mai da shi kwana 15 ka rubuta ranar ƙarewarsa. Kwana 3 ba ya isar ɗan kasuwa ya tara jika 300.

Inda aka fi zamewa shi ne ɗora ladan mai karɓa a kan bashin. Muddin babu hukunci, ƙa'idar ita ce kuɗin bin bashi na kan mai bin bashi, don haka 300,000 za ka rubuta, ba 330,000 ba.

Ka yi kwafi biyu, a ba shi hannu da hannu cikin ambulan, ya sa hannu da kwanan wata a naka. Kada a bar wa yaron shago ko iyali a buɗe. In ya ƙi karɓa, wisiye ya kai masa.